Jini leda biyu a takarda, ɗaya a jiki: yadda ake bin kadin kuɗin asibiti a Suleja

Da an idar da sallar asuba Suleja take fara kwarara zuwa Abuja. Daga Kwamba, Maje, Rafin Sanyi, Gauraka da Madalla, motocin haya da bas-bas na ma'aikata sukan bi ta Zuba su nufi Sakatariyar Tarayya da sauran ofisoshin gwamnati, ba kuma za su juyo ba sai bayan magariba. Ma'aikatan tarayya da yawa sun zauna a wannan gari na Jihar Neja ne saboda hayar gida a cikin birnin tarayya ta fi ƙarfin albashinsu. Wannan zama yana da wani tasiri da ba a cika lura da shi ba sai ranar da aka kwantar da wani nasu a asibiti: mai biyan kuɗin jinya ba shi ne mai zaman jinya ba. Yana ofis sa'ad da likita ya yi zagaye, yana cikin cunkoson Zuba sa'ad da aka ɗaura ruwa ko aka cire. Ranar sallama a miƙo masa takarda da jimla guda, shi kuwa bai ga kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka yi ba.

Mafi yawan mutane sukan roƙi ragi, a rage musu wani abu, su biya su yi godiya. Ragi kuwa alfarma ce, mai yin ta yana iya hanawa. Akwai abin da ya fi shi ƙarfi, wato neman lissafi dalla-dalla: kowane aiki da sunansa, da ranar da aka yi shi, da adadinsa, da farashinsa. Wannan haƙƙi ne da doka ta tanada, kuma da shi kaɗai ake gane kuɗin aikin da aka rubuta amma ba a yi ba.

Kwana uku, Naira 286,500

Misali zai fi fito da al'amarin fili, kuma alƙaluman da ke cikinsa na misali ne, domin farashi ya bambanta daga asibiti zuwa asibiti. A ɗauki ma'aikaci mai mataki na 08, mazaunin Kwamba, wanda mahaifiyarsa ta zo masa ziyara daga gida. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita, ranar Litinin da ƙarfe tara na dare aka kai ta wani asibiti mai zaman kansa, aka gwada aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Yana da inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, amma katin ya ƙunshi shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ne. Mahaifiya ba ta ciki sai in an yi mata rajista daban an biya. Don haka a daren ya ajiye Naira 150,000 kafin alƙalami, ya bar ƙanwarsa a bakin gado, da asuba ya kama hanyar ofis.

Ranar Alhamis da hantsi aka sallame ta. Takardar da kashiya ya miƙo layi uku ce: kwanciya Naira 78,000, magani da jini Naira 168,000, gwaje-gwaje Naira 40,500. Jimla Naira 286,500, saura Naira 136,500 bayan an cire abin da ya ajiye. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wata magana da kashiyan ya yi a fatar baki, cewa jini leda biyu ne ya ɗaga kuɗin. Ƙanwarsa, wadda ba ta bar ɗakin ba tsawon kwana ukun, ta ce leda ɗaya aka ɗaura. Ta kuma tuna an ce za a yi hoton ciki ranar Talata, aka ce mai na'urar bai zo ba, daga nan ba a sake tayar da zancen ba.

A nan mutane da yawa suke yin kuskure iri biyu. Wani ya ɗaga murya a gaban taga, ya kira ma'aikata ɓarayi, a taru a ba shi haƙuri, ƙarshe ya biya ya tafi ba tare da takarda ko ɗaya a hannunsa ba. Wani kuma ya ƙi biya gaba ɗaya, tsohuwa ta ci gaba da zama a gado, kuɗin kwana yana ƙaruwa. Tsare mara lafiya saboda bashi ba shi da madogara a doka, domin bashi magana ce ta kotun farar hula, kuma sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare 'yancin walwalar kowa. Amma wanda mahaifiyarsa ke zaune da ƙullin kayanta tana jiran tafiya gida ba shi da sukunin gwada wannan a ranar.

Ma'aikacin ya bi hanya ta uku. Ya tura cikon kuɗin ta banki zuwa asusun asibitin, ba asusun wani ma'aikaci ba, ya karɓi rasit mai hatimi, ya ɗauki hoton takardar mai layi uku. Sannan ya rubuta a bayan kwafin da ya bar musu cewa ya biya ne bisa sharaɗin a ba shi cikakken lissafi, kuma bai amince da jimlar ba tukuna. Ya sa hannu da kwanan wata. Wannan 'yar rubutun ita ce ke hana a ce daga baya ai ya gani ya yarda.

Inda kuɗin ke kumbura

Kafin a zargi kowa, yana da kyau a san yadda ake haɗa bil a asibiti, domin sanin haka shi ke nuna inda za a duba.

Duk wanda aka kwantar yana da fayil, kuma a cikinsa akwai rubutu iri biyu da bai kamata a haɗa su ba. Na farko umarnin likita ne: a yi gwaji kaza, a tanadi jini leda biyu, a yi hoton ciki, a sa oksijin. Na biyu shaidar aikatawa ce: takardar ba da magani da nas ke sa wa hannu duk lokacin da ta yi allura, takardar ruwan da ya shiga da wanda ya fita, takardar lura da zafin jiki da bugun zuciya, da sakamakon da ɗakin gwaji ya dawo da shi. Umarni yana nuna abin da aka yi niyya. Takardun nas da na ɗakin gwaji su ke nuna abin da ya faru.

Ma'aikacin ofishin kuɗi ba likita ba ne, ba kuma nas ba ne. Hanya mafi sauƙi a gare shi ita ce ya buɗe shafin umarnin likita ya bi layi-layi yana sa farashi. A asibitin da ke aiki da kwamfuta ma, sau da yawa kuɗin yakan hau kan asusun mara lafiya ne tun lokacin da likita ya shigar da umarnin, kuma ba zai sauka ba sai wani ya koma ya soke shi da hannu. In likita ya canza shawara washegari, ko na'ura ta lalace, ko mara lafiya ta farfaɗo kafin a kai ga leda ta biyu, babu wanda aikinsa ne ya sanar da kashiya. Haka aikin da ba a yi ba yake zama bashi.

Wannan ba ya nufin babu ha'inci. Akwai inda ake cusa abin da likita ma bai rubuta ba, musamman ƙarƙashin kalmar "sauransu" ko "kayan aiki". Amma mai ƙorafi ba ya buƙatar ya san zuciyar kowa. Tambayarsa ɗaya ce a kan kowane layi: ina shaidar an yi? Wanda ya fara da wannan tambaya ya bar wa asibiti ƙofar gyara ba tare da jin kunya ba, kuma asibitin da aka bar wa wannan ƙofa ya fi saurin mayar da kuɗi.

Abin da doka ta ba shi

Dokoki biyu da wata sanarwa guda su ne madogara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa mai ba da magani ya sanar da mara lafiya hanyoyin gwaji da na magani da ake da su, tare da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu. Sashe na 25 ya wajabta wa kowane asibiti ajiye bayanan duk wanda ya duba, sashe na 29 ya mayar da ƙirƙira ko sauya waɗannan bayanai laifi, sashe na 30 kuma ya ce kowa yana da damar kai ƙorafi a kan yadda aka yi masa a asibiti, a kuma bincika.

Ta biyu ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 115 ya yi magana a kan bayyana farashi, na 118 kuma ya ce mai sayar da kaya ko aiki ya ba mai saye rubutacciyar shaidar ciniki da ta nuna sunan abin, da adadinsa, da farashin kowane ɗaya, da jimla. Takarda mai layi uku ba ta cika wannan ba.

Sanarwar kuwa ita ce Kundin Haƙƙoƙin Marasa Lafiya, wanda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Abuja ranar 31 ga Yuli, 2018, bayan Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ƙarƙashin Babatunde Irukera ta shirya shi tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Cikin haƙƙoƙi 12 da ya tattara akwai haƙƙin samun lissafin kuɗi a bayyane, da haƙƙin ganin bayanan jinya a kan lokaci, da haƙƙin yin ƙorafi. Kundin ba sabuwar doka ba ce, tattara abin da ke warwatse a dokoki ya yi, amma ambatonsa a wasiƙa yana da amfani domin shugabannin asibitoci sun san shi.

Akwai wani shinge da ke kayar da 'ya'ya da mazaje. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ya ce bayanan mara lafiya sirri ne, ba a bayyana su ga wani sai da rubutaccen izininsa. Biyan kuɗi bai ba ɗa ikon buɗe fayil ɗin mahaifiyarsa ba, kuma asibitin da ya ƙi nuna masa a kan wannan dalili yana kan daidai. Maganinsa layi biyu ne a takarda: ta yarda ɗanta wane ya ga bayanan jinyarta da lissafinta, ta sa hannu ko ta dangwala, wani ya shaida.

Wasiƙar

Ma'aikacin gwamnati ya san darajar takardar da aka buga wa hatimin karɓa, kuma wannan sani shi ne makaminsa a nan. Da daddare ya zaunar da ƙanwarsa suka bi kwana ukun ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta abin da ta gani da idonta daban da abin da take zato. Sannan ya rubuta wasiƙa shafi ɗaya, kwafi biyu, zuwa ga shugaban sashen kuɗi, da kwafi ga babban likitan asibitin. Ko da Hausa aka rubuta ko da Turanci, abin da ta ƙunsa bai wuce wannan ba:

"Ranka ya daɗe, ina rubutowa ne game da mahaifiyata mai lambar kati kaza, wadda aka kwantar daren Litinin aka sallama safiyar Alhamis. An ba ni lissafin Naira 286,500 a dunƙule, na kuma biya duka, kwafin rasit biyu na haɗe. Ina neman a ba ni lissafi dalla-dalla da zai nuna kowane aiki, magani da gwaji, da ranar da aka yi shi, da adadi, da farashin kowane ɗaya.

"Akwai abu biyu da nake da ja a kansu tun yanzu. An shaida mini an sa kuɗin jini leda biyu, mai jinya kuwa ta ga an ɗaura ɗaya. An kuma rubuta hoton ciki ranar Talata, ba a yi ba, ba a kuma ba mu sakamako ba. Ina roƙon a gwada lissafin da takardar ƙarin jini, da rajistar ɗakin ajiyar jini, da takardar ba da magani, da rajistar ɗakin hoto, a gabana in zai yiwu. Izinin mara lafiyar na haɗe.

"Duk kuɗin aikin da ba a sami shaidar yin sa ba, ina neman a mayar mini ta asusun da na biya da shi. Zan ji daɗin samun amsa a rubuce cikin kwana bakwai na aiki."

Babu kalmar sata a ciki, babu barazanar lauya ko ta kafafen sada zumunta. Bai kuma faɗi nawa yake ganin ya kamata ya biya ba, domin wanda ya yanka wa kansa farashi ya mayar da bincike ciniki. Wa'adin kwana bakwai ba doka ce ta sa shi ba, shi ya sa, don ya sami ranar da zai ce an wuce. Tun da ba zai iya barin ofis ba, ƙanwarsa ce ta kai wasiƙar ranar Juma'a, ta tsaya har aka buga hatimi da kwanan wata a kwafin da ta dawo da shi. Asalin rasit bai bar gida ba.

Layi tara, da abin da kowanne ya zama

Layi uku sun zama tara. Kati da ganin likita Naira 10,000. Gado kwana huɗu a kan 12,000, ya kama 48,000. Kulawar nas kwana huɗu a kan 5,000, ya kama 20,000. Jini leda biyu a kan 35,000, ya kama 70,000. Oksijin kwana biyu a kan 15,000, ya kama 30,000. Hoton ciki 12,000. Gwajin jini da fitsari 28,500. Magani da ƙarin ruwa 53,000. Safar hannu, sirinji da makamantansu 15,000. Ranar Asabar aka zauna, shi da ƙanwarsa da akanta da shugabar nas-nas, fayil a tsakiya.

Jini ya fi komai sauƙin bincike, saboda babu abin da asibiti ke bin diddiginsa kamarsa. Kowace leda tana da lamba. Ɗakin gwaji yana rubuta lambar a rajista lokacin da aka fitar da ita, nas tana rubuta ta a fayil tare da lokacin da aka ɗaura da lokacin da ta ƙare, ana kuma auna zafin jiki da bugun jini kafin a fara da bayan minti goma sha biyar, domin a farkon ne jiki ya fi nuna ƙin jinin. Leda biyu dole su bar sawu biyu. A fayil ɗin sawu ɗaya aka samu, na safiyar Talata. Sakamakon gwaji ma ya goyi baya: ma'aunin jinin da ake rubutawa PCV ya tashi daga 19 zuwa 22, kuma leda ɗaya takan ɗaga shi da kamar uku a jikin babba. Rajistar ɗakin gwaji ta nuna an gwada dacewar leda biyu da jinin tsohuwar, aka fitar da ɗaya, ɗayar ta ci gaba da zama a firiji. Akantan ya ce gwajin dacewar aiki ne da aka yi, kuɗinsa Naira 5,000, kuma gaskiyarsa ce. Aka cire 30,000.

Hoton ciki bai ɗauki minti biyu ba. Hoton da aka yi yana da rubutaccen sakamako da sa hannun wanda ya yi. Babu shi a fayil, babu sunanta a rajistar ɗakin hoto. Aka cire 12,000.

Oksijin bai ma shiga wasiƙarsa ba, lissafin ne ya tono shi. Takardar lura ta nuna an sa mata daren Litinin, aka cire da safiyar Talata da numfashinta ya daidaita. Tukunyar ta ci gaba da tsayuwa a gefen gado har Laraba, mai lissafi ya ƙirga kwanan tukunya a madadin kwanan shaƙa. Aka bar kwana ɗaya, aka cire 15,000.

A wuri biyu kuma shi ne bai yi daidai ba. Ya ga an sa allurar atesunet ta zazzaɓi mai tsanani har sau uku cikin kwana ɗaya, ƙanwarsa kuwa biyu ta tuna. Ƙa'idar wannan allura ita ce a yi ta farko, a sake bayan awa 12, a sake bayan awa 24. Takardar magani ta nuna ƙarfe goma na daren Litinin, goma na safiyar Talata, goma na daren Talata, kowacce da sa hannun nas daban. Ta ukun an yi ta ne ta cikin robar da ke hannun tsohuwar lokacin da barci ya ɗauke mai jinya. Sai kuma gado: shi dare uku ya ƙirga, asibiti kuwa kwana huɗu, domin jadawalin farashin da ke manne a bangon kashiya ya ce duk ranar da mutum ya taɓa gado kwana ce. Tsari ne mai tsauri ga wanda ya shigo ƙarfe tara na dare, kuma ana iya roƙon sassauci a kansa, amma ba kuɗin aikin da ba a yi ba ne. Haɗa shi da maganar jini sai ya raunana ƙorafin, don haka ya bar shi.

Abin da aka cire ya kama Naira 57,000, lissafin ya dawo 229,500. Akantan ya so a bar kuɗin a katin tsohuwar har ranar da za ta sake zuwa. Ga mazaunin gari mai zuwa asibitin a kai a kai wannan ba laifi ba ne in ya yarda. Tsohuwar kuwa gida za ta koma, don haka ya nemi a tura masa, a kuma ba shi sabon lissafi mai hatimi da zai maye gurbin na farko. Wannan takarda ta ƙarshe ba ƙaramar aba ba ce ga wanda 'yan'uwa suka yi masa karo-karo, ko wanda ya ci bashin ƙungiyar adashen ofis ya biya.

In da matarsa ce aka kwantar

Da mai katin inshora ce a gadon, lissafin zai sauya kama. A tsarin ma'aikatan tarayya, wanda aka fara a 2005 kuma yake ƙarƙashin hukumar NHIA tun bayan sabuwar dokar 2022, asibitin da mutum ya zaɓa yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, domin jinya ta matakin farko. Manyan ayyuka kuma asibiti yakan nemi lambar izini daga kamfanin HMO, ya yi aikin, ya aika masa da bil. Abin da ke kan mai kati a ayyukan da tsarin ya ƙunsa shi ne kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Maganin Naira 53,000 nasa 5,300 ne.

Saboda haka tambayar mai kati biyu ce a kan kowane layi: an yi, kuma in an yi, wa ya kamata ya biya? Aikin da ba a yi ba yana iya shiga bil ɗin da aka aika wa kamfani ba tare da mai kati ya sani ba, tun da ba daga aljihunsa ya fita ba. Yana kuma yiwuwa a karɓi kuɗi a hannunsa a kan aikin da aka riga aka nemi lambar izininsa, a ci sau biyu. Kariyarsa ita ce kada ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ya nemi lambar izinin ya rubuta, ya kuma kira kamfaninsa ya tambayi ayyukan da aka nemi izininsu da sunan iyalinsa. Ƙorafi yakan fara daga kamfanin, in bai warware ba ya wuce NHIA. Hukumar ta bayyana cewa a kan ƙorafe-ƙorafen shekarar 2024 ta hukunta asibitoci 49 da kamfanonin HMO 47, kuma karɓar kuɗi a hannun masu kati a kan ayyukan da inshora ta ƙunsa yana cikin laifuffukan.

A asibitin gwamnati matsalar takan zo ta baya. Can sai an biya ake yin aiki, don haka mutum yakan tashi da rasit ɗin gwajin da ba a yi ba saboda sinadari ya ƙare ko an sallame shi kafin layi ya zo kansa. Shaidar biya tana hannunsa, abin da ya rage shi ne shaidar rashin yi. Tun kafin ya bar harabar ya kamata shugaban sashen ya rubuta a kan takardar neman gwajin cewa ba a yi ba, ya sa hannu da hatimi. A asibitocin tarayya, inda kuɗi ke shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati, kashiya ba shi da ikon buɗe aljihun tebur ya mayar, sai takarda ta bi matakai, kuma teburin SERVICOM shi ne wurin bin sawunta.

In an yi shiru

Idan wa'adi ya cika babu amsa, wasiƙa ta biyu takan tafi kai tsaye ga babban likita, da kwafin ta farko mai hatimi. Bayan nan sai a fita waje, kuma a nan mazauna Suleja sukan yi ɓatan kai. Saboda a Abuja suke yini, sai su nufi hukumomin lafiya na birnin tarayya, alhali asibitin da ke Suleja ko Madalla a ƙasar Neja yake, kuma hukumomin lafiya na jihar da ke Minna su ke da iko a kan rajistarsa. Wanda aka tura shi Gwagwalada ko cikin Abuja, shi ne maganarsa ta koma can.

FCCPC hukumar tarayya ce, ba ruwanta da iyakar jiha, tana kuma karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, abin da ya dace da wanda ba ya iya barin ofis. Za ta so ganin rasit, da lissafin, da shaidar cewa an fara neman asibitin ya gyara. Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN, ba wurin karɓo kuɗi ba ce, ɗabi'ar likita take bincika. Ana zuwa gare ta ne in fayil ya nuna an rubuta aikin da ba a yi ba kamar an yi, misali takardar ƙarin jini ta biyu da ta bayyana bayan an kai ƙorafi, da lambar ledar da rajistar ɗakin gwaji ba ta san da ita ba. Irin wannan ƙara a rubuce ake shigar da ita, tare da takardar rantsuwa daga kotu.